Yadda Ake Ɓoye Tambari a Kusurwar Bidiyon Waya: A Yanke Ko a Dusasar?

Hanya biyu ce ake bi idan ana son kawar da tambari daga kusurwar bidiyo: ko a yanke gefen da yake, ko a bar shi a wurinsa a mai da shi dishi-dishi. Kowacce da asararta. Yankewa tana ɗebe ɗan ƙarfi daga ko'ina a jikin hoton, dusasarwa kuwa tana barin sauran hoton yadda yake amma ta kashe wuri ɗaya gaba ɗaya. Abin da zai nuna maka wadda za ka bi shi ne girman tambarin da kuma abin da ke bayansa.

Maganar nan a kan bidiyonka ne, ko wanda mai shi ya ba ka izini. Goge sunan wani daga aikinsa don ka ɗora naka wani zance ne daban, kuma ba shi da kyau.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. An haɗa masa bidiyon talla a tsaye, faɗi fiksel 1080, tsayi 1920. A kusurwar ƙasa ta dama akwai tsohon tambarin shagonsa da lambar wayar da ya daina amfani da ita. Yana son ya sake saka bidiyon a WhatsApp kafin sallah.

Da farko, nemi asalin bidiyon

Tambarin da aka riga aka fitar da bidiyo da shi ya zama jikin hoton. Abin da ke ƙarƙashinsa ya tafi, babu manhajar da ke riƙe da shi. Don haka ka fara tuntuɓar wanda ya yi haɗin, ko ka duba wayar da aka ɗauka da ita. Idan aikin yana nan a cikin manhajar haɗi, a cire tambarin a sake fitarwa, an gama ba tare da asara ba. Sai idan asalin ya ɓace ne za ka ci gaba.

Auna tambarin kafin ka taɓa komai

Tsayar da bidiyon a inda tambarin ya fito sosai. Abu biyu kake nema: nisan daga ƙasan hoton zuwa saman tambarin, da nisan daga gefen dama zuwa inda tambarin ya fara ta hagu. Ko rula ta 'yan makaranta ta isa. Ɗora ta a fuskar wayar, ka auna tsayin hoton duka, sannan ka auna inda tambarin ya kai.

A bidiyon mai atamfa, tambarin yana da faɗi 260 da tsayi 110, an bar masa tazarar 30 daga dama da 40 daga ƙasa. Ke nan daga ƙasa ya kai 150, daga dama kuwa 290. A nan mutane da yawa ke asara ba su sani ba: sai su ja yankan daga kusurwa, su cinye ƙasa da gefe duka. Gefe ɗaya ya wadatar, kuma wanda ya fi ƙanƙanta idan aka gwada shi da hoton za ka zaɓa. 150 cikin 1920 bai kai kashi 8 cikin ɗari ba, amma 290 cikin 1080 ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasa za a yanke.

Abin da yankewa ke ci

A ce an yanke 160 daga ƙasa don kada a bar gefen rubutun yana leƙowa. Tsayi ya koma 1760. Idan ana son hoton ya ci gaba da cika fuskar waya a tsarin 9:16, dole faɗin ma ya ragu zuwa 990, wato a cire 90, ko dai 45 daga kowane gefe ko duka daga gefen da ba shi da amfani. Abin da ya rage kusan kashi 84 cikin ɗari ne na fiksel ɗin asali. Manhajar za ta ja wannan ta mayar da shi 1080 da 1920, ƙarin girma na kashi 9 cikin ɗari. Fiksel ɗin da ta ƙara ba sababbin bayanai ba ne, kintace ne daga maƙwabtansu, shi ya sa hoton ke ɗan yin laushi. A wannan gwargwadon, da wuya mai kallo a waya ya lura.

Da a ce ta gefen dama aka bi, faɗi zai koma 790, kuma idan aka riƙe tsarin 9:16 kusan rabin hoton ya tafi. A nan zanen atamfar zai fara narkewa, wataƙila hannun mai ɗaga turmin ma ya fita daga hoto.

Akwai dabara mai sauƙi: ka yanke ƙasan kawai, ka bar faɗin yadda yake, 1080 da 1760. Ba a ja hoton ba, asarar ta tsaya a kashi 8 cikin ɗari, illar kawai ita ce ɗan baƙin layi a sama da ƙasa. A Status na WhatsApp ba kowa ke damuwa da shi ba. Ni ita na fi so.

A waya, buɗe bidiyon a CapCut ko InShot ko Google Photos, ka zaɓi Crop. Idan kana son cika fuska, kulle shi a 9:16, in ba haka ba ka bar shi a Free. Ja layin ƙasa har tambarin ya ɓace, sannan ka kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, ba hoto ɗaya kawai ba. Duba ko an datse farashi da aka rubuta a ƙasa, ko ƙafar mai magana, ko kayan da aka ajiye a kan tebur. Mai kwamfuta da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, zai yi haka:

```
ffmpeg -i shiga.mp4 -vf "crop=990:1760:44:0" -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy fita.mp4
```

Lambobin su ne faɗi, tsayi, sai inda yankan zai fara daga hagu da daga sama. Ka sa faɗi da tsayi su zama masu rabuwa biyu daidai, in ba haka ba aikin na iya tsayawa.

Lissafin yana canzawa a yanayi biyu. Bidiyon kwance, 1920 da 1080, ba shi da tsayin da zai yi kyauta da shi: wannan 150 ɗin ya kusa kashi 14 cikin ɗari, kuma idan aka riƙe tsarin 16:9 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton zai tafi. Na biyu shi ne bidiyon da ya riga ya zaga WhatsApp, wanda galibi ya sauko zuwa faɗi 480 ko kusa da haka. Yanka iri ɗaya zai bar maka 440, kuma ƙarin girman zai fito da 'yan murabba'an nan da matsi ya bari a jikin hoton. Tufa ce da ta riga ta sha wanki, ba ta jure ja.

Abin da dusasarwa ke ci

A takarda dusasarwa ta fi araha. Wurin da za a rufe, da ɗan rarar gefe, bai kai kashi 2 cikin ɗari na hoton ba, sauran duk yana nan a girmansa. Amma ido ba ya ƙirga fiksel, abin da ya bambanta da kewayensa yake bi. Idan bayan tambarin bango ne mai launi ɗaya, ko sama, ko daɓen siminti, ko duhu, tabon zai saje. Idan kuwa atamfa ce mai zane, ko leshi, ko jerin turame a kanta, zai zauna a kusurwa kowa na kallonsa. Ya fi muni idan kyamara na motsi, domin komai na tafiya shi kuma yana tsaye wuri ɗaya.

A CapCut ana yin sa da ninka bidiyon. Saka bidiyon a matsayin babba, ka sake saka shi ta Overlay, ka buɗe na saman har ya hau kan na ƙasan daidai. Sa wa na saman Blur daga Effects, ka tabbata shi kaɗai ya shafa. Sannan ka zaɓi Mask, ka ɗauki Rectangle, ka matse shi ya tsaya kan tambarin da ɗan rara. A ƙarshe ka ɗan ƙara Feather don gefen ya narke. Idan na saman bai hau daidai ba, za ka ga layuka sun karye a bakin tabon.

Ƙarfin dusasarwar shi ne wurin da ake faɗuwa. Idan ya yi kaɗan, farin rubutu zai koma farin gajimare mai siffar tambarin, manyan lambobin waya ma a iya karanta su. Idan ya yi yawa, tabon ya ƙara fitowa. Dusasarwa gauraya launin tambarin take yi da na bayansa, ba ta cire shi. Saboda haka farin tambari a kan baƙin yadi kullum zai bar haske. Kuma idan lambar waya ce da lallai ba ka son a gane, kada ka dogara da dishi-dishi, rufe ta da abu mai kauri.

A ffmpeg akwai delogo, wanda ke watsar da abin da ke cikin akwatin ya cike shi da launukan gefensa:

```
ffmpeg -i shiga.mp4 -vf "delogo=x=784:y=1764:w=272:h=122" -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy fita.mp4
```

Ƙara `:show=1` a gwajin farko, zai zana koren akwati ka ga inda ya faɗa. A kan bango yana yin kyau ƙwarai, a kan zane kuwa sai ya bar jirwaye a tsaye da a kwance.

Ga mai atamfa, hukuncin a fili yake. Ƙasan hotonsa cike yake da turame masu zane, kuma yankan bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsayi ba, don haka yankewa ce tasa. A ganina wannan ma'aunin ya isa: ƙasa da ɗaya cikin goma, yanke, idan ya wuce haka kuma bayan tambarin fili ne, dusasar. Idan ya wuce kuma bayan mai zane ne, sabon tambarin shagon a kan akwati mai launi ɗaya zai rufe tsohon, ba wanda zai ga alamar gyara. Tambarin da ke tsalle daga wuri zuwa wuri, irin na TikTok, ba ya jin ko ɗaya cikin biyun da kyau, sai dai a koma neman asali.

Fitarwa

Duk hanyar da ka bi, sai an sake matse bidiyon, kuma kowane matsi na rage wani abu ko a inda ba ka taɓa ba. Yi duk gyaran a zama ɗaya cikin manhaja ɗaya, ka fitar sau ɗaya. Bar adadin hotunan daƙiƙa yadda yake, idan 30 ne ya zauna a 30. Kada ka fitar da bidiyon 480 a 4K da fatan zai gyaru, nauyi kawai zai ƙara ya cinye maka data. Idan akwai zaɓin inganci, ɗauki na sama, tunda WhatsApp zai sake matse shi lokacin ɗorawa. In kuwa wani za ka tura wa ya yi maka aikin, ko a kasuwar waya ta Farm Centre ko a unguwa, tura fayil ɗin ta Document don ya isa yadda yake, shi ma ya dawo maka da shi ta wannan hanyar.