Dalilin da ya sa silaid ke sauya kama a wata kwamfutar, da yadda ake gyarawa

Kuskuren farko, wanda sauran suke biyo bayansa, shi ne zaton cewa fayil ɗin PowerPoint yana ɗauke da salon haruffan da aka yi rubutu da shi. A yadda manhajar take zuwa, sunan salon kawai take ajiyewa, shi kuwa salon yana zaune a kwamfutar da aka girke shi. Idan aka buɗe fayil ɗin inda babu wannan salo, sai manhajar ta maye gurbinsa da wani ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

A ɗauka mutum ya sauko da salon Oswald, wanda haruffansa sirara ne matsattsu, ya rubuta kanun silaid da girman 40, kalmomi takwas suka zauna daidai a layi ɗaya. A kwamfutar ɗakin taro babu Oswald, sai aka sa wani mai faɗin haruffa irin Arial a madadinsa, kanun ya karye gida biyu, layi na biyu ya hau kan hoton da ke ƙasa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne akwatin zaɓen salo zai ci gaba da nuna sunan Oswald, don haka sai su yi ta jan akwatunan rubutu suna rage girma, alhali da zarar fayil ɗin ya koma kwamfutarsa ta asali wannan gyaran ne zai zama ɓarna. Haka ma salon Aptos, wanda Microsoft ta sanar a 2023 cewa zai gaji Calibri a matsayin salon da Office ke farawa da shi, yana iya ɓacewa a tsohon Office irin na 2016.

Gyara mafi sauƙi shi ne a tsaya kan salon da ke kusan kowace kwamfuta, kamar Arial ko Times New Roman, a sauya fayil ɗin gaba ɗaya ta Home > Replace > Replace Fonts maimakon a bi silaid ɗaya bayan ɗaya. Mai rubutu da Hausa kuma ya gwada ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ya yi nisa, domin yawancin salon ado ba su da haruffa masu lanƙwasa, kuma alamar hakan ita ce a ga harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa a tsakiyar kalma.

Wanda ba ya son rabuwa da salonsa sai ya cusa shi cikin fayil ɗin. A Windows ana shiga File > Options > Save, a kunna Embed fonts in the file, kuma a nan ne kuskure na biyu yake. Zaɓin Embed only the characters used in the presentation yana rage nauyin fayil, amma haruffan da aka riga aka yi amfani da su kaɗai yake ɗauka, saboda haka bai dace da fayil ɗin da wani zai gyara ba. Idan akwai yiwuwar a ƙara ko da jimla ɗaya, Embed all characters ne ya kamata. Sannan ba kowane salo ne lasisinsa ya yarda a cusa shi ba. Ana dubawa ta Properties na fayil ɗin salon, a shafin Details, wajen Font embeddability: Installable da Editable suna ba da damar gyara, Restricted kuwa ba ya cusuwa sam. A ganina, duk wanda ya cusa salo bai gwada fayil ɗin a wata kwamfuta ba, bai gama aikinsa ba, musamman idan da wata manhaja dabam za a buɗe shi.

PDF ya fi kowace hanya tabbas, domin yana kafe kowane harafi a mazauninsa, amma ana yin kuskure biyu a kansa. Na ɗaya shi ne fitar da shi daga kwamfutar da ba ta da salon, wanda hakan kafe ɓarnar kawai yake yi; dole a fitar da shi inda aka tsara silaid ɗin, ta File > Export > Create PDF/XPS Document. Na biyu shi ne mantawa cewa motsin rubutu da na sauyin silaid ba sa bin PDF, bidiyo ma yakan koma hoto tsayayye. Idan an jera hotuna uku a wuri ɗaya domin su fito bi da bi, za su fito a cakuɗe a shafi guda, sai dai a raba su silaid uku kafin a fitar. Bayan an fitar, a buɗe fayil ɗin a Adobe Acrobat Reader, a shiga Document Properties, a zaɓi shafin Fonts, a tabbata an rubuta Embedded ko Embedded Subset a gaban sunan kowane salo.