Darasi: Yadda Ake Auna Ladabi a Gajeren Saƙon Waya Zuwa ga Shugaba

Kafin ma'aikaci ya fara rubuta wa shugabansa saƙo, akwai tambayar da ya kamata ya amsa wa kansa: shin sanar da shi wani abu zai yi, ko kuwa izini zai nema? Amsar wannan tambaya ce take nuna yawan ladabin da saƙon yake buƙata, fiye ma da girman muƙamin wanda za a aika wa. Sanarwa ba ta ƙin gajarta, domin shugaba so yake ya san halin da ake ciki nan take. Neman izini kuwa sai da cikakkiyar jimla da dalili, sannan a bar hukunci a hannun mai hukunci.

Mu ɗauki misalin wani mai kula da sito a shagon kayan gini da ke Wuse a Abuja, wanda yake zaune a Mararaba. Ran Litinin da safe cunkoson motoci ya riƙe shi a Nyanya, ƙarfe takwas ta kusa, kuma makullin sito yana aljihunsa. Wannan sanarwa ce, don haka ga abin da ya dace ya rubuta:

"Barka da safiya, Yallabai. Cunkoso ya riƙe ni a Nyanya, ina sa ran isowa da ƙarfe tara. Makullin sito yana hannuna."

Gaisuwa ɗaya ta wadatar, laƙabi ɗaya ya wadatar, sauran kuma duk labari ne mai amfani. Da ya rubuta "slm oga zan makara", da ya gaza ta fuska biyu, domin ya gutsure sallama kamar yana hira da abokinsa, kuma bai faɗi lokacin da zai iso ba, alhali lokacin shi ne abin da shugaba zai tsara aikin safiya a kansa. Da kuma ya soma da tambayar iyali da gajiya da kwanan gida, da ya wuce gona da iri. Doguwar gaisuwa kyakkyawar al'ada ce idan an haɗu ido da ido, amma wayar da take a kulle, layukan farko na saƙo kawai take nunawa, saboda haka shugaban da ya leƙa wayarsa yana tsakiyar wani aiki zai ga gaisuwa zalla, ya ajiye ta sai an jima, batun makulli kuma ya kwanta a ƙasa.

Yanzu a ce mutumin nan yana so ya kai mahaifiyarsa asibiti a Jos, kuma zai rasa aikin kwana biyu. A nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane da yawa suna rubuta neman izini da lafazin sanarwa, su ce: "Ranka ya daɗe, ba zan zo aiki ran Alhamis ba, zan je Jos." Akwai girmamawa a farkon saƙon, amma "ba zan zo ba" ta rushe ta, tunda ma'aikaci ya riga ya yanke hukunci, ya mayar da shugabansa ɗan jin labari. Ga gyararren saƙon:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina neman izinin kwana biyu, Alhamis da Juma'a, domin in kai mahaifiyata asibiti a Jos. Idan ka amince, zan bar makullin sito a hannun mataimakina, in dawo aiki ran Litinin. Na gode."

A lura cewa ba gaisuwar aka tsawaita ba. An sauya "ba zan zo ba" da "ina neman izini", an ƙara "idan ka amince", an ambaci ranakun da sunansu, an kuma nuna wanda zai riƙe aikin, don kada shugaba ya sake tambaya. A ganina, waɗannan sun fi laƙabi uku a jere nuna ladabi. Irin wannan saƙo kuma ana aika shi tun da sauran kwanaki, ba a daren tafiya ba. A ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni ma saƙon waya ba ya maye gurbin takardar neman hutu, share fage kawai yake yi mata.

Game da laƙabi, ma'auni mafi sauƙi shi ne a rubuta abin da ake kiran shugaban da shi a gaban mutane. "Ranka ya daɗe" da "Yallabai" sun dace da babban jami'i, idan mace ce a ce "ranki ya daɗe" ko "Hajiya" in da haka ake kiranta, a kuma kula da "ka" da "ki" har ƙarshen saƙo. "Oga" da "Maigida" suna tafiya a shago da gareji da wurin gini, amma sun yi sauƙi ga daraktan da ba a saba da shi ba. Idan shugaban ba Musulmi ba ne, ko ba a san irin gaisuwar da ya saba da ita ba, "barka da safiya" ko "barka da yamma" ba ta saɓa wa kowa. Idan kuma wannan ne saƙo na farko, sai a saka suna da sashen aiki a ƙarshe, domin wataƙila ba shi da lambar.

Daidaitawa tana zuwa ne daga lura da amsoshinsa. Shugaban da yake amsawa da "To" ko "Ba komai" ba fushi yake yi ba, kuma ba izini ya bayar a riƙa rubuta masa haka ba. Ana iya sassautawa a hankali, amma kullum a tsaya mataki guda sama da yadda shi yake rubutu. Idan ana cikin musayar saƙo a kan magana ɗaya, ba sai an maimaita sallama ba, "To, Yallabai, an gama" ta isa. Amma da zarar magana ta koma kan kuɗi, ko kuskuren da aka yi, ko kuma ana rubutu a zauren WhatsApp na ma'aikata inda wasu suke karantawa, sai a koma ga cikakken ladabi ko da an saba da raha. Alamar cewa awon bai yi daidai ba ita ce shugaba ya dawo da tambaya. "Wane ne?" tana nuna an manta suna, "Yaushe?" tana nuna an gajarta fiye da kima, "Me kake so in yi?" kuma tana nuna buƙatar ta ɓace a cikin gaisuwa.

Ita ma wayar tana da iyakarta. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma idan aka saka haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, iyakar tana iya sauka zuwa 70, sai saƙon ya rabu gida biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. A WhatsApp babu wannan matsala, kuma ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da aika shi, sai dai zai nuna alamar an gyara, wataƙila kuma an riga an karanta. Don haka a karanta saƙo a hankali sau ɗaya kafin a aika, ana duba laƙabi da rana da lokaci.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta saƙo biyu zuwa ga shugabansa, ɗaya yana sanar da shi cewa kayan da aka yi oda sun iso, ɗaya kuma yana neman izinin tashi da ƙarfe biyu na rana ran Laraba, sannan ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka bambanta saƙo na biyu da na farko.