Kurakuran da sabon shiga ke yi a dogayen littattafan fantasi da almarar kimiyya

Ƙanwata ce ta sa ni wannan rubutun. Ta daɗe tana ganin ina karanta irin littattafan nan na sihiri da dodanni da na tafiya duniyoyin sama, ranar nan ta ce min ita ma tana so ta fara amma tsoro take ji, wai ta duba wani jeri ta ga littafi 14 ne, kowanne kamar bulo, ga taswira a gaba ga jerin sunaye a baya, sai ta ji kamar makaranta za ta koma. Na fahimce ta sosai don ni ma na sha wannan wahalar, kuma na lura duk masu tsoron nan kusan wuri ɗaya suke yin tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ɗauki jerin gaba ɗaya kamar bashi a wuyansa tun bai buɗe shafin farko ba. Wanda ta gani ɗin The Wheel of Time ne na Robert Jordan, na farkon ya fito a 1990, marubucin ya rasu a 2007 bai gama ba, Brandon Sanderson ne ya ƙarasa ukun ƙarshe har aka rufe a 2013, kalmominsa sun haura miliyan 4. To dole ka ji tsoro mana in da wannan aka tare ka. Amma yawan littafi ba shi ne abun dubawa ba, abun dubawa shi ne yanda aka ɗinka jerin. Akwai jerin da labari ɗaya ne aka yanka shi gunduwa-gunduwa, in ka tsaya a na farko kamar ka tashi ana tsakiyar ba da labari ne, ba ka san ƙarshen kowa ba. Akwai kuma wanda duniyar ce kawai ɗaya, amma kowane littafi yana buɗe labarinsa ya rufe abinsa. Discworld na Terry Pratchett littafi 41 ne, ya fi wancan yawa nesa ba kusa ba, amma ya fi shi sauƙin shiga, don za ka iya ɗaukar guda ɗaya ka karanta ka ajiye, babu wanda zai biyo ka bashi. Saboda haka kafin ka fara kowane jeri ka nemi amsar tambaya ɗaya tak daga wanda ya karanta: na farkon yana rufewa da kansa ko a rataye yake barin mutum? Ka ce masa kar ya faɗa maka yanda ya ƙare, e ko a'a kawai kake so.

Ka kuma haɗa da tambayar ko an ma gama rubuta jerin. Wannan yana ƙona rai wallahi. A Song of Ice and Fire, wanda aka yi shirin talabijin na Game of Thrones daga cikinsa, ya fara fitowa a 1996, na biyar ya fito a 2011, marubucin ya tsara bakwai ne kuma shekara da shekaru mutane na zaman jiran na shida. Littattafan suna da kyau, ba kushe su nake ba, amma wanda dama tsoron doguwar tafiya yake yi bai kamata ya hau motar da ba a san ranar isarta ba. Yawancin sabbin shiga da shi suke farawa saboda sunansa ne ya fi shiga kunne, sai su tarar kowane babi an koma kan wani mutum daban a wani gari daban, kafin shafi 100 sun ajiye sun yanke hukuncin wai su ba sa gane fantasi. Alhali ƙofar da suka shiga ce ta yi musu nauyi.

Ni abun da na miƙa wa ƙanwata A Wizard of Earthsea ne na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1968. Shafinsa wajen 200 ne, in kana yin shafi 20 a rana kwana goma ka gama. Mutum ɗaya kake bi daga farko har ƙarshe, wani yaro Ged daga tsibirin Gont, ya tafi makarantar koyon sihiri a tsibirin Roke, girman kai da son nuna isa suka sa ya kira abun da ya fi ƙarfinsa, wata inuwa ta fito ta shiga farautarsa. Dokar sihirin ma guda ɗaya ce za ka riƙe, komai na duniyar yana da sunansa na gaskiya, wanda ya san wannan sunan yana da iko a kan abun. Shikenan. Akwai wasu littattafan bayansa amma labarin inuwar a nan yake ƙarewa, ka ci gaba in ka so, ka tsaya in ka so. Wanda kuma ya fi son ɓangaren jiragen sama jannati da wasu halittu, Binti na Nnedi Okorafor da ya fito a 2015 bai ma cika shafi 100 ba, yarinya ce 'yar ƙabilar Himba da ta bar gida a ɓoye za ta tafi jami'a a wata duniyar, zama ɗaya ko biyu ka cinye shi.

Sai kuskuren da na fi son in tsaya a kansa, don shi ne yake sa duniyar labarin ta zama ruɗani: ƙoƙarin haddace komai. Mutum ya ga baƙuwar kalma sai ya tsaya, ya juya baya ya duba ma'ana, ya dawo, layi uku gaba ya sake cin karo da wata, ya sake juyawa, a ƙarshe ya yi awa ɗaya a shafi biyar kuma ya manta me ma ake ciki. Marubutan nan da gangan suke jefa kalmomin, ba jarrabawa suke maka ba, so suke ka ji ka sauka baƙon wuri inda mutane ke maganarsu ba tare da sun tsaya yi maka fassara ba, kuma duk kalmar da take da muhimmanci za ta dawo sau da yawa har ta zauna da kanta.

Bari in nuna da babin farko na Dune na Frank Herbert, 1965, don shi ne ya fi korar mutane. A shafukan farko kaɗai za a watso maka Caladan, Arrakis, Bene Gesserit, Kwisatz Haderach, gom jabbar, ga Atreides ga Harkonnen. In ka ce sai ka san kowanne kafin ka wuce, ka tsaya kenan. Amma dubi abun da yake faruwa a ɗakin: yaro ne ɗan shekara 15 sunansa Paul, wata tsohuwa mai kwarjini ta zo, mahaifiyarsa kanta tsoronta take ji, tsohuwar ta sa shi ya cusa hannu a wani ɗan akwati mai azabar zafi, ta ɗora masa allura mai guba a wuya ta ce in ya zare hannun ya mutu. Ka ga gom jabbar ta fassara kanta, allurar ce, ba sai ka duba baya ba. Bene Gesserit kuwa ya ishe ka ka riƙe cewa ƙungiyar mata ce da tsohuwar da mahaifiyar suke ciki. Arrakis hamadar da iyalin Paul, wato Atreides, za su koma, Harkonnen abokan gaba. Kwisatz Haderach fa? Ka bar shi haka nan, Paul ɗin kansa bai san me ake nufi ba a lokacin, kai da shi tare za ku gano. Wannan ita ce alamar da nake amfani da ita kullum: in jarumin ma bai gane kalmar ba to ba a so ka gane yanzu, in kuma kowa a labarin yana faɗinta kamar ba komai ba to ka ƙyale ta zuwa karo na uku, yawanci kafin nan ta bayyana.

Taswirar gaba ma haka, kar ka zauna nazarinta kafin ka fara, sunaye ne kawai da ba su da ma'ana a wurinka tukuna. Sai an ce wane ya tashi daga nan zuwa can sannan ka leƙa ka ga nisan. Kuma don Allah kar ka rubuta sunan wani ɗan labarin a Google don ka tuna ko wanene. Ni hakan ya taɓa ɓata min littafi guda, ina rubuta sunan kawai sai ga kalmar mutuwa ta biyo shi a shawarwarin da ke fitowa ƙasa, saura min shafi ɗari uku in kai wurin. Gara ka ajiye 'yar takarda a cikin littafin ka rubuta suna biyar ko shida da kalma biyu a gaban kowanne, wane ƙanin sarki, wance mai warkarwa, ya wadatar.

Akwai kuma masu cewa sai sun fara daga asalin tarihin duniyar, wato su bi tsarin shekarun cikin labarin maimakon yanda littattafan suka fito. Sai ka ga mutum ya ɗauki The Silmarillion kafin The Hobbit wai don shi ne farkon zamani a duniyar marubucinsu Tolkien. Littafin nan sai a 1977 ya fito bayan rasuwarsa, zubinsa zubin tarihi ne da nasaba, wanda ya riga ya ƙaunaci duniyar shi ne yake jin daɗinsa. The Hobbit na 1937 kuwa don yara ma aka rubuta shi, tafiya ɗaya ce zuwa wurin dodo a dawo. Littafin da aka rubuta daga baya don ba da labarin baya yana ɗauka ka riga ka san mutanen, shi ya sa bin yanda aka wallafa ya fi aminci. Discworld ne ya ɗan saɓa, masoyansa da yawa za su ce maka ka tsallake na farkon ka shiga ta Mort ko Guards! Guards!, don marubucin hannunsa ya fi faɗawa a can.

To yaushe mutum zai san littafi ba nasa ba ne? Ni ma'aunina wajen shafi 60 ne a ɗan ƙaramin littafi, 100 a mai kauri. In na kai nan sai in rufe in tambayi kaina wa nake bi, me yake nema, me ya tare masa hanya. In na iya amsawa ko da rabin kalmomin duniyar ban gane su ba, to lafiya lau nake, ruɗanin na baƙunta ne kuma zai washe. In kuma na san sunan garuruwa da sarautu amma ban damu da ko mutum ɗaya a ciki ba, ajiyewa nake, ko da kuwa an ce min ai sai a littafi na uku yake daɗi. Wannan maganar ta sai na uku tana iya zama gaskiya ga mai faɗinta, amma shafi dubu biyu take nema a wurinka kafin ka ga komai.

Ƙanwar tawa kwana takwas ta yi ta gama labarin Ged, ba ta duba taswirar ba sai sau biyu, kuma da ta zo karɓar na biyun, The Tombs of Atuan, na gaya mata tun wuri cewa wata yarinya ce za ta bi a wannan karon, Ged sai can gaba zai shigo, kar ta zata ta ɗauko littafin da ba shi ba.