Bayar da bishof a h7: ƙidaya kafin a taɓa

'Yan'uwa masu buga dara ta ces a Jidda, idan lissafi ya ƙi fita, ku ƙirga dakaru. Sarkin baƙi ya ɓuya a g8, kai kana da bishof a d3, doki a f3, sarauniya a d1, da soja a e5. Wannan sojan shi ne ginshiƙi, domin ya kori dokin baƙi daga f6, mai tsaron h7.

Bayan Bxh7+ Kxh7, sai Ng5+. Kafin ka taɓa bishof, tambayi kanka: wa zai iya cin dokin nan a g5? In bishof ɗin abokin karawarka na e7 da sarauniyarsa a bayansa, kai kuma ba ka da soja a h4, ka haƙura kawai.

In sarki ya koma g8, Qh5 na barazanar kisa a h7. To duba ko yana da bishof da zai fito f5 ya tsare h7. In akwai, harin ya mutu.

Wanda aka fi mantawa shi ne Kg6. Nan sai Qg4 ko h4, kuma ana bukatar mahari na uku kusa, ko rok ko ɗaya dokin. Sarauniya da doki su kaɗai sau da yawa ba sa isa.