Matakan rubuta yarjejeniyar sirri kafin ka miƙa wa mai zuba jari tsarin kasuwancinka

Masu sabbin kamfanoni sun yi ta tambayata wannan, to ga yadda ake bi.

1. Fara tambayar mai jarin ko zai sa hannu. Manyan kamfanonin zuba jari sukan ƙi a zaman farko, don haka ka nuna musu taƙaitaccen bayani kawai.
2. Lissafa abin da kake kira sirri, kamar hasashen kuɗin shiga da sunayen abokan ciniki. Kada ka rubuta "duk abin da muka tattauna", kotu na iya ganin ya yi faɗi.
3. Rubuta cewa don nazarin zuba jari kaɗai zai yi amfani da bayanan.
4. Sa wa'adi, galibi shekara 2 zuwa 3. Hattara a nan: fayyace ranar da lissafi zai fara. Idan daga ranar sa hannu ne, wa'adin shekara 2, takardar da ka miƙa bayan wata 10 kariyar wata 14 kawai ta samu. Ni na fi son a ƙirga daga ranar miƙa kowace takarda.
5. Cire abin da jama'a suka riga suka sani, da wanda ya sani tun kafin ku haɗu, da wanda ya samu ta halastacciyar hanya daga wani.
6. Ƙara cewa in kotu ta tilasta masa bayyanawa, ya sanar da kai tukuna.
7. Kai wa lauya ya duba kafin kowa ya sa hannu.