Darasi na Bakwai: Ranar Sanar da Ribar Kamfani

Yawancin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna fitar da rahoton ribarsu duk bayan wata uku, sau da yawa bayan an tashi kasuwa ko kafin a buɗe. Ke nan labarin yakan zo a lokacin da ba a ciniki sosai. Idan ka duba jadawalin farashi washegari, za ka ga wani fili tsakanin inda farashi ya kwana da inda ya tashi. Wannan fili shi ne giɓi, kuma shi ne babban haɗarin riƙe hannun jari a tsallake rahoto da shi.

Ga misali. Ka sayi hannun jari 200 a kan 100 kowanne, ka ba dillali umarnin `stop-loss` a 95, wato ya sayar maka in farashi ya sauka zuwa nan. A lissafinka asarar ba za ta wuce 1,000 ba. Da dare rahoto ya fito, da safe kasuwa ta buɗe a 82. Babu wanda ya yi ciniki a 95, don haka za a sayar maka a 82, asara ta zama 3,600. Umarnin ya yi aikinsa, sai dai farashi ya tsallake shi.

Kada ka ɗauka riba mai kyau za ta kare ka. Kasuwa tana auna rahoto ne da abin da masu sharhi suka yi hasashe, da kuma abin da kamfanin ya ce yana sa rai nan gaba. Riba kan ƙaru farashi ya faɗi, saboda an zaci fiye da haka.

In ka ƙudurta riƙewa, koma jadawali ka duba rahotanni takwas na baya, ka auna giɓi mafi girma. In ya kai kashi 20 cikin ɗari, kuma 1,000 kaɗai za ka iya jure rasawa, to hannun jari 50 za ka bari, ka sayar da 150 tun kafin ranar. Ko hakan ma giɓin wannan karon zai iya zarce na baya.

Mai jira kuwa yakan bar ranar farko ta ƙare. A ce farashi ya kwana a 100, ya buɗe a 112, bai sauka ƙasa da 109 ba, ya rufe a 115, cinikin ranar kuma ya ninka na kullum sau uku. Alama ce masu saye da gaske suke. Sai ya shiga a 115, ya sa iyakar asara a 108. Ya rasa tashin farko, amma zai yi wata uku kafin ya fuskanci wani rahoton. In kuwa farashi ya buɗe a 112 ya dawo 101 kafin a tashi, giɓin ya kusa cikewa, masu sayarwa sun rinjaya, sai ya janye hannu.

Ga mai koyo, jiran ya fi dacewa. Abin da zai fara yi kafin ya sayi kowane hannun jari shi ne neman ranar rahoto na gaba a shafin kamfanin, ya rubuta ta a littafinsa.