Hitar tankin kifi: kurakuran da ke hana tamostat na biyu aikinsa

A Kumasi, tambayar farko da ake yi ita ce, me kifi zai yi da hita a wannan zafin? Mai kiwon golfish gaskiyarsa, ba ya bukata. Amma wanda ke da diskos, kifin da ke son ruwa mai digiri 28 zuwa 30, ya kuma ajiye tankin a falo ko shago mai esi, ko hunturu ya shigo asuba ta yi sanyi, shi kam sai da hita. Matsalar hita kuwa, ba lallai ta mutu in ta lalace ba. A cikin kwalbar yawancinsu akwai ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke haɗa wuta yana yankewa gwargwadon zafin ruwa, shi ne tamostat ɗinta. Duk haɗuwa sai ɗan tartsatsi ya tashi, wata rana bakin ƙarfen ya manne, hita ta kama ci ba tsayawa.

Mu ɗauki tanki mai lita 100 a wani shago a Aboabo, esi na aiki, an sa hita mai wat 300 don wai babba ta fi. In ta manne, ruwan zai riƙa hawa da kusan digiri biyu da rabi a awa. Daga 28 zuwa 35 awa uku ne ko sama da haka kaɗan, wato tsakanin isha'i da tsakar dare. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, shi ya sa za ka ga kifi sun taru a sama suna haki kafin su fara kifewa. Da wat 100 aka sa, wat ɗaya ga kowace lita, hawan ba zai kai digiri ɗaya a awa ba. To kuskuren farko tun wurin saye ne.

Maganin da aka sani shi ne kwantirola ta waje, irin STC-1000, mai sensa a cikin ruwa da rile mai kunna hita da kashe ta. Sai dai shi ma rilen bakin ƙarfe ne, yana mannewa kamar na hitar. Rilen lantarki da ake kira SSR ma, ko da yake babu abin da ke motsi a cikinsa, in ya ƙone galibi a kunne yake tsayawa. Dalilin sa tamostat na biyu ke nan, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure.

Sau da yawa mutum zai ce maka, “Maigida, ai nawa biyu ne.” In ka duba sai ka tarar rile biyu ne amma sensa ɗaya suke saurare, ko kuma kwakwalwa ɗaya ce ke ba su umarni. In sensar ta yi ƙarya, duka biyun sun ruɗu tare. In manhajar ta tsaya cak rile na kunne, babu mai kashewa. Na biyun dole ya zama da sensarsa, da rilensa, da kwakwalwarsa, kada ya jira labari daga na farko.

Har masu sensa biyu ma akwai abin da ke kama su. Don kyan gani sai a ɗaure wayoyin biyu a jikin robar nan guda mai manne wa gilashi. Robar ta tsufa ta taurare, ko a rage ruwa ranar wanki a manta, sai ga sensa biyu suna lilo a iska. Iskar ɗakin digiri 22 ce, kowace kwantirola na ganin ruwa ya yi sanyi, hita na ta ci. In waya ta tsinke, STC-1000 na nuna EE ta yi ƙara ta yanke wuta, amma sensar da ta fito daga ruwa lafiyarta ƙalau, babu ƙarar da za ka ji. Raba su: kowace da abin riƙonta, a ɓangare daban, can ƙasa da inda ruwa ke sauka in ana canji, inda ruwan filta ke gudana, kuma nesa da jikin hita.

Sai haɗin waya. Wutar hita ta bi ta rilen farko, ta fito ta shiga na biyu, sannan ta isa hita, kamar famfo biyu a jere a kan bututu ɗaya, kowanne ka rufe ruwa ya tsaya. In aka haɗa su gefe da gefe, kowanne na iya ba hita wuta shi kaɗai, ka ga wanda ya manne shi ke da iko. A yawancin STC-1000 ramukan hita su ne 5 da 6, kuma makunni ne kawai, ba sa fitar da wuta da kansu. Duba zanen da ke bisa akwatin. Wayar layif ake yankewa, ba nutural ba. Wutarmu bolt 230 ce ga ruwa a gefe, don haka in ba aikinka ba ne kira mai wayarin, a sa RCD mai miliam 30, wato makunnin da ke yanke wuta in ta fara zuba, kwantirolar kuma ta shiga akwatin roba a rufe.

Kuskuren da na fi jin haushi shi ne a saita su biyun a lamba ɗaya. Sai na biyun, wato mai gadi, ya koma yana kunnawa yana kashewa duk yini, yana cinye bakinsa daidai da na farko. A bar shi a haɗe yana hutawa. A tankinmu na Aboabo, ga saitin, F1 zafin da ake so ne, F2 kuma saukar da ruwa zai yi kafin hita ta sake kamawa:

```
Ta farko:  F1 = 28.0   F2 = 0.5
Mai gadi:  F1 = 30.0   F2 = 0.5
```

Ta farko na kunna hita a 27.5 ta kashe a 28. Mai gadi ba ya buɗewa sai ruwa ya kai 30. Maɓallin da ke kan hitar kanta a murɗa shi zuwa 31, ya zama tsaro na uku. In ka bar shi ƙasa da 28, shi zai riƙa aikin, kwantirolar ta zama ado. A watan Maris, in an ɗauke wuta esi ya tsaya, ruwa na iya kai 30 ba hita. Wannan zafin gari ne, tamostat ba ya sanyaya ruwa. Buɗe murfin, wuta na dawowa ka sa fanka.

Mai gadi yana ɓoye laifi, wannan kuma mutane ba su cika lura ba. In rilen farko ya manne, na biyu zai karɓi aikin shiru, kifi na yawonsu, kai kuwa ka koma kan rile ɗaya ba ka sani ba. Alamar ita ce ruwa ya zauna tsakanin 29.5 da 30 har da asuba, fitilar ɗumamawa ta kwantirolar farko a kashe amma ta jikin hita na kamawa. Ka ga haka, canza ta farkon a ranar.

Gwaji kuwa na kofi biyu ne, sau ɗaya a wata ya isa. Zuba ruwan sanyi a ɗaya ka tsoma sensar farko, hita za ta kama. Sai ka tsoma sensar mai gadi a kofin ruwan ɗumi mai kamar digiri 33. Za ka ji ƙas, fitilar hita ta mutu. In ba ta mutu ba, ko an haɗa waya gefe da gefe ko rilen ya manne. Juya kofunan ka gwada ta farko haka. Daga nan ka mayar da sensa biyun cikin tanki, ka jira minti goma, ka gwama lambobinsu da ma'aunin zafi na gilashi. Bambancin da bai wuce rabin digiri ba ana gyara shi da F4, saitin daidaita karatun sensa. Wadda ta kauce da digiri ɗaya ko fiye, ko take ƙara kaucewa wata bayan wata, ruwa ne mai yiwuwa ya shiga kanta, a sayi sabuwa. Duk hitar da za ka taɓa ko za ka rage ruwa ƙasa da ita, zare filoginta tukuna ka bar ta ta huce minti goma sha biyar, don gilashi mai zafi na fashewa in ruwan sanyi ya taɓa shi.